Daidaiton Siga a Jeri da Kwatance

Daidaiton siga ƙa'ida ce ta rubutu wadda ta ce abubuwan da aka jera ko aka kwatanta a jimla ɗaya su zo da siga iri ɗaya ta nahawu: suna ya bi suna, aikatau ya bi aikatau. Malaman Hausa na makarantun sakandare a Bauchi kan ci karo da karya wannan ƙa'ida idan suna duba insha'in ɗalibai.

A jeri, tushen matsalar yawanci kalmar "da" ce. Aikinta haɗa sunaye, har da sunayen aiki irin su shuka da girbi, amma ba ta haɗa suna da guntuwar jimla mai ɗauke da aikatau. Ɗalibi ya rubuta:

"Ayyukan manomi da damina su ne shuka da noma da ya zuba taki."

Shuka da noma sunaye ne, na ukun kuwa ya zo da "ya", ya koma jimla. Hanyar gane kuskuren ita ce a karanta kowane abu shi kaɗai tare da farkon jimlar. "Ayyukan manomi su ne ya zuba taki" ba ta zauna a kunne ba. Gyara na farko shi ne a mayar da duka sunaye: "shuka da noma da zuba taki". Na biyu, a mayar da duka aikatau, a cire "da": "Manomi yakan yi shuka, ya yi noma, ya zuba taki." A nan "yakan" sau ɗaya ya zo, "ya" ya biyo baya, kuma wannan ba kuskure ba ne, haka Hausa ke jera ayyukan da aka saba yi. Bai kamata malami ya ja masa jan biro ba.

Kuskuren kwatance ya fi wuyar gani, domin jimlar tana da daɗin karatu:

"Albasar kasuwar Wunti ta fi kasuwar Muda Lawal araha."

An kwatanta albasa da kasuwa ke nan. Abin da ya ɓace gajeriyar kalma ce mai wakiltar albasar: "ta fi ta kasuwar Muda Lawal araha". Jinsin abin ne ke zaɓen kalmar, don haka da tumatir ne sai a ce "ya fi na kasuwar Muda Lawal".

Haka "gara" take son ɓangarorinta biyu su yi daidai. "Gara in koyi ɗinki da zaman banza" ta gauraya jimla da suna. A baka ana jin irinta, ana kuma fahimta, amma a rubuce sai a zaɓi ɗaya: "Gara koyon ɗinki da zaman banza", ko "Gara in koyi ɗinki da in zauna haka nan."