Wa ya yanke cewa littattafan Sabon Alkawari 27 ne?

Akwai wata magana da nake yawan ji, wai a taron Nikiya na shekarar 325 sarki Kustantin ya tara bishop-bishop suka zauna suka zaɓi littattafan Baibul, suka ƙona sauran. Gaskiya abin yana damuna, domin ba haka aka yi ba. Abinda ya kai su Nikiya shine rigimar koyarwar wani limamin coci mai suna Ariyus a kan matsayin Yesu, sai kuma batun ranar da za a riƙa yin Ista. A cikin dokoki ashirin da taron ya fitar babu ko ɗaya da ta lissafa littattafai. Toh in ba Nikiya ba, waye ya yanke, kuma da wace ƙa'ida?

Da farko dai kalmar da ake amfani da ita, kanon, daga Girkanci take, ma'anarta sandar awo. Wato jerin littattafan da aka yarda a karanta a gaban jama'a a cikin sujada kuma a kafa hujja da su. Kuma jerin nan ba a rana ɗaya aka yi shi ba, karatu ne ya riga doka. Bulus zai rubuta wa ikilisiya ɗaya wasiƙa, su karanta su kwafa su aika wa maƙwabta, ka duba Kolosiyawa 4:16 ma za ka ga shi da kansa ya ce in sun gama a kai wa mutanen Lawudikiya su ma su karanta. Zuwa wajen shekarar 150 wani marubuci Kirista, Yustin Shahidi, yana ba da labarin cewa ran Lahadi ana karanta rubuce-rubucen manzanni tare da na annabawa. Kaga an daɗe ana aiki da littattafan kafin wani ya zauna ya ƙirga su.

Wanda ya tayar da ƙurar wani mutum ne Markiyon, a Roma wajen 144. Shi ya ce Tsohon Alkawari gaba ɗaya a ajiye shi, ya ɗauki Bisharar Luka kaɗai ya yanke wuraren da basu yi masa ba, ya haɗa da wasiƙun Bulus goma, ya ce shikenan. Ikilisiya ta kore shi, amma tambayar ta zauna, in nasa jerin ba daidai bane to ina na daidai? Wajen 180 Ireniyus bishop na Liyon ya tsaya kai da fata cewa Bishara huɗu ce, Matiyu, Markus, Luka da Yohanna.

Ma'aunin da aka riƙa bi kusan uku ne, ko da yake ba wani kundi aka rubuta su a ciki ba, daga muhawarar malaman ne ake gane su. Shin littafin daga manzo ya fito ko daga wanda ya zauna da manzo? Da wannan Markus ya shiga ta hanyar Bitrus, Luka kuma ta hanyar Bulus. Shin koyarwarsa ta dace da bangaskiyar da aka gada? Sannan shin ikilisiyoyi a ƙasashe daban-daban sun daɗe suna karanta shi, ko gari ɗaya ne kawai ya san shi?

Bari mu ga yadda ma'aunin ya yi aiki a kan littafi guda, Makiyayin Hamas. Littafi ne da mutane suke so sosai, wahayi ne da misalai a kan tuba, kuma ba a kama shi da wata bidi'a ba, har Ireniyus ya kawo shi a matsayin nassi. Amma wani tsohon jeri da ake kira guntun Muratori, wanda yawancin masana ke sa shi a ƙarshen ƙarni na 2, ya ce a'a, Hamas ya rubuta shi ne kwanan nan a Roma lokacin da ɗan'uwansa Fiyus yake bishop, don haka a karanta shi amma ba a gaban jama'a cikin jerin annabawa ko manzanni ba. Wato ya ci jarrabawar koyarwa, ya ci ta farin jini, ya faɗi a ta fitowa daga zamanin manzanni. Kuma duk da haka bai fita nan da nan ba fa, a cikin kwafin Baibul na Sina'i na ƙarni na 4 yana nan a ƙarshe tare da Wasiƙar Barnaba.

Bisharar Bitrus ita a koyarwa ta faɗi. Sarafiyon bishop na Antakiya, wajen shekarar 200, ya je garin Rosus ya tarar suna karanta ta, ya ce ba komai tun bai duba ba. Da ya samu kwafi ya karanta sai ya ga akwai abubuwan da ke goyon bayan masu cewa Yesu ba jiki na gaske gare shi ba, nan take ya rubuta musu ya janye izininsa. Haka hukuncin yake tafiya a lokacin, bishop ɗaya, gari ɗaya, littafi ɗaya.

Akwai kuma waɗanda suka shiga da kyar. Yusibiyus bishop na Kaisariya a farkon ƙarni na 4 ya faɗa a fili cewa ana gardama a kan Yakubu, Yahuza, 2 Bitrus, da 2 da 3 Yohanna. Ibraniyawa kuwa ikilisiyoyin Gabas sun karɓa a matsayin na Bulus, Roma ta daɗe tana ɗari-ɗari tunda wasiƙar bata ɗauke da sunan marubuci, Ru'ya ta Yohanna kuma akasin haka, Yamma sun rungume ta Gabas suna ja da baya. Sai a 367 Atanasiyus bishop na Iskandariya a wasiƙarsa ta Ista ya lissafa guda 27 ɗin nan da muke da su yau, ba ƙari ba ragi, shine jeri mafi tsufa da ya zo mana haka. Majalisun Hiffo a 393 da Kartaj a 397, duk a Arewacin Afirka, suka amince da 27 ɗin. Amma a lura, majalisun yanki ne, ba su da iko a kan kowa, shi yasa Baibul na Suriyanci, Fashitta, ya ci gaba da guda 22 abinsa.

Ni a ganina bishop-bishop ɗin nan hatimi suka buga a kan abinda aka riga aka saba, Bishara huɗu da Ayyukan Manzanni da wasiƙun Bulus tun ƙarshen ƙarni na 2 sun zauna a yawancin ikilisiyoyi. Sai dai ba zan ce basu yanke komai ba, a kan littattafan gefe kamar Hamas da 2 Bitrus maganarsu ta yi nauyi ƙwarai.

Inda har yau ba a haɗu ba shine Tsohon Alkawari. Kiristocin farko fassarar Girkanci suke karantawa, ita kuma tana da littattafan da babu a na Ibrananci, irinsu Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa biyu. Manyan malaman coci biyu suka saɓa, Jerom ya ce a bi na Ibrananci, Agustin ya ce a bi abinda ikilisiya ta saba, kuma majalisar Kartaj ra'ayin Agustin ta bi. Bayan shekara sama da dubu Martin Luta, jagoran Furotesta, a Baibul ɗinsa na 1534 ya ware su a tsakiya ya ce suna da amfanin karantawa amma ba daidai suke da nassi ba, Katolika kuma a majalisar Tirent a 1546 ta mayar da martani ta tabbatar da su da doka mai ɗaure kowane ɗan cocinta. Daga nan ne ɗan Katolika yake da 73, ɗan Furotesta 66, cocin Otodoks na Habasha kuma tana ƙirga 81.