Fitilar batir ta ƙi mutuwa kana cikin tafiya: me take nufi?

Idan ka murɗa makullin mota kafin inji ya tashi, fitilu da yawa sukan kama a dashbod, cikinsu har da wata ja mai siffar batir, da alamar + a gefe ɗaya da alamar - a ɗaya gefen. Wannan ba matsala ba ce. Da zarar inji ya tashi, ya kamata ta mutu cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Inda magana take shi ne idan ta ƙi mutuwa, ko kuma kana tsakiyar titi ta kama ta tsaya. A nan mutane da yawa suke cewa batir ya mutu, su nufi shagon mai batir, su kashe kuɗi, bayan kwana biyu sabon batirin ma ya kwanta. Saƙon fitilar shi ne caji ba ya shiga batir, kuma mafi yawan lokuta laifin yana wajen altaneta ne, wato na'urar da ke samar wa mota wuta in inji yana aiki, ko fanbel ɗin da ke juya ta.

Aikin batir a mota kaɗan ne. Shi ke ba kik wuta ya tayar da inji, daga nan sai altaneta ta karɓi ragama. Ita ke ciyar da fulogi, famfon mai, fitilu, rediyo, fankar lagireto da esi, sannan ta mayar wa batir abin da aka ɗiba wajen tayarwa. Kamar tankin ruwa ne a saman gida da injin burtsatse da ke cika shi: in injin ya tsaya, ruwa zai ci gaba da zuwa a famfo har tanki ya ƙare, kuma canza tanki ba zai dawo da ruwa ba. Altaneta kuwa ba ta juya kanta. Inji ke juya ta ta hanyar fanbel, shi ya sa in bel ya tsinke ko ya saki, lafiyayyar altaneta ma sai ta zama kamar babu ita.

Yadda aka haɗa fitilar shi ke nuna dalilin da ya sa take nuni ga altaneta. A tsarin da aka saba, waya ɗaya ta fitilar tana zuwa daga ɓangaren batir ta hanyar makulli, ɗayar kuma tana zuwa daga altaneta. Kafin inji ya tashi, gefen batir yana da wuta, gefen altaneta babu, sai wuta ta ratsa ƙwan ya kama. Da altaneta ta fara bayar da wuta, gefe biyun suka yi daidai, sai ƙwan ya mutu. Sababbin motoci kwamfuta ce ke yin wannan lissafin, amma tambayar ba ta canza ba: altaneta tana bayarwa ko ba ta bayarwa? Saboda haka batir zai iya tsufa har ya kasa tayar da mota da safe, fitilar ba ta taɓa kamawa a kan hanya ba ko sau ɗaya.

A ce ka ɗauki Toyota Corolla, irin ta 2003 zuwa 2008 da ta cika titunan Kaduna, ka bar Kawo bayan magariba za ka Zariya, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. Ka wuce Maraban Jos sai ga fitilar ta kama. Abu na farko da za ka duba ba batir ba ne, allurar zafin inji ce, sannan ka ji sitiyari a hannunka. Injin wannan motar bel guda ɗaya ne dogo yake zagaye altaneta, famfon ruwan inji, famfon sitiyari da kwamfiresar esi. In bel ɗin ne ya tsinke, duk su huɗun sun tsaya a lokaci guda. Za ka ji sitiyari ya yi tauri nan take, esi ya daina sanyi, allurar zafi ta fara hawa cikin 'yan mintuna. Ka ga haka, ka sami gefen titi mai tsaro ka kashe mota. Kada ka ce bari in lallaɓa zuwa Jaji. Ruwa ba ya zagayawa a cikin injin, kuma ɗan wannan lallaɓawar ita ke ƙona gasket ko ta lanƙwasa kan silinda, aikin bel ɗaya ya koma sauke inji.

In kuwa sitiyari yana nan da laushinsa, allurar zafi tana tsakiya inda ta saba zama, to alama ce bel yana nan yana juyawa, matsalar tana cikin altaneta ko wayoyinta. Yanzu motar tana tafiya ne da abin da ke cikin batir kaɗai. Batirin irin wannan mota yakan kai amfiya-awa 60 ko kusa, kuma da dare, inji da famfon mai da manyan fitilu za su iya jan amfiya 20 zuwa 30. A takarda kamar awa biyu zuwa uku ke nan, amma motar za ta fara shaƙewa tun kafin batir ya ƙare ƙarƙaf, kuma batirin da ya kwana biyu ba ya riƙe abin da aka rubuta a jikinsa. Ka ɗauka kana da rabin awa zuwa awa ɗaya, wani lokacin ma ƙasa da haka. Kashe esi da fankarsa, kashe rediyo, zare cajar waya, ka bar fitilun gaba kawai tunda dare ne. Daga Maraban Jos, komawa cikin Kaduna ya fi hankali a kan tunkarar Zariya. Kuma kada ka kashe inji sai ka isa inda za ka ajiye motar, domin kik ya fi komai cin wuta, mota mai giyar otomatik kuma ba ta tashi da turi. In ka ga fitilun gaba sun dushe, waifa tana jan jiki, fitilar ABS ta birki da wasu sun fara kamawa, to saura ƙiris, ka nemi wurin tsayawa tun inji bai zaɓa maka wurin ba.

Washegari aikin na rewaya ne, kuma gwajin farko ba ya wuce minti biyar in yana da mita. A sa mita a kan batir inji yana kashe: cikakken batir yakan nuna bolt 12.6, wanda ya sha wahalar jiya zai nuna ƙasa da haka. A tayar da inji a sake dubawa. Lafiyayyar altaneta takan ɗaga shi zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. A kunna fitilu da esi, a ɗan taka totur, ya kamata ya tsaya sama da 13. In yana nan a 12 da ɗoriya yana ta sauka, caji ba ya shiga. In ya haura 15, caji ya yi yawa, abin da ke daidaita wutar ya lalace, kuma wannan ma yana kunna fitilar a wasu motoci. Shi ne za ka ji batir yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, jikinsa ya yi zafi, ƙwayayen fitila suna ta ƙonewa.

Akwai gwajin da har yanzu ake yi a gareji da yawa wanda nake roƙon kowa ya hana a yi wa motarsa: a zare kan batir inji yana aiki, wai in mota ta mutu altaneta ce. Batir shi ke shanye tsallen da wuta ke yi. In aka zare shi, wutar za ta iya yin tsalle ta ƙona dayod ɗin altaneta, wato abin da ke sa wuta ta bi hanya ɗaya kawai zuwa batir, ko kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos. A tsohuwar Fijo 504 mai kafireto ana yi a kwana lafiya, amma motar yau cike take da kayan da ba sa jure wannan. In yaron gareji ya ɗauko sifana zai kwance, ka ce masa a hankali, “Malam, don Allah a kawo mita.” In babu mita a wurin, ka nemi wani garejin.

Kafin a sauke altaneta, a fara da abubuwa masu arha. A duba bel inji yana kashe: in ya tsattsage ta ciki, ko ya yi sheƙi kamar an goga masa mai, ko gefensa ya fara zare, ya gama aiki. Bel da ke sulɓi yakan yi ƙara mai tsini da sassafe ko in an kunna esi. Wani lokacin bel ɗin lafiya lau yake, ajasta mai ɗame shi ce ta gaji, sai a sa sabon bel ƙarar ta dawo bayan mako guda. Da damina kuma, in ka ratsa ruwan da ya kwanta a titi, bel zai iya jiƙewa ya yi sulɓi, fitilar ta kama na ɗan lokaci ta mutu da kanta. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, sai in ta riƙa maimaitawa a busasshen titi. A kuma duba kan batir ko ya yi farin gari ko yana motsi, da soket ɗin bayan altaneta, da babban fis da ke cikin akwatin fis a gaban mota, wanda a Toyota aka rubuta masa ALT. Wannan fis ɗin yakan tafi in an juya wayoyi wajen jona mota da batirin wata.

In duk waɗannan lafiya suke, sai a buɗe altaneta. Abin da ya fi yawan ƙarewa a cikinta shi ne burushi, wasu ƙananan gawayi biyu da ke goga a jikin sandar da ke juyawa. Suna cinyewa a hankali, shi ya sa fitilar takan fara da ƙyaftawa, ta kama a silo ta mutu in an taka totur, kafin wata rana ta tsaya gaba ɗaya. Burushi da abin daidaita wuta, wanda rewaya ke kira ayisi, ana canza su ba sai an sayi altaneta sukutum ba. Dayod in ya lalace caji yakan ragu, wani lokacin kuma ya riƙa zuƙe batir cikin dare, ka tashi da safe mota ba ta ko motsi. Boris kuwa da kunne ake gane shi, gurnani ne da ke ƙaruwa in aka taka totur. In kwayil ne ya ƙone, za ka ga wayar jan ƙarfen ta yi baƙi tana ƙauri, kuma a nan ni na fi son a nemo wata altaneta mai kyau a Fanteka ko Oriyafata, inda ake sayar da kayan mota a Kaduna, a kan a sake naɗa waya, domin naɗin hannu ba kullum yake bayar da ƙarfin na asali ba. A tafi da tsohuwar a gwada soket da ƙarfinta su zo daidai, sannan a sa mita bayan an ɗaura kafin a sallami kowa.

A duba kuma abin da ya kashe ta farko. In baƙin mai yana yoyo daga saman inji yana sauka a kanta, sai an toshe yoyon, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi sahu, haka nan masu wankin inji da ke watsa ruwa mai ƙarfi kai tsaye cikin ramukanta. Batirin da aka tatsa a kan hanya kuma a kai shi a yi masa cikakken caji a shago kafin a mayar da shi, kada a bar wa altanetar da aka gyara yanzu nauyin cika shi daga ƙasa. Sai bayan cajin ne za a gwada a ga ko yana riƙe wuta ko shi ma lokacin canza shi ya yi.