Akanta zai bar aiki: me manaja zai rubuta a takardar amincewa?

Akantanmu ya kawo takardar ajiye aiki. Me ya kamata in sa a amsar da zan ba shi?

Fara da ranaku biyu: ranar da takardarsa ta shigo hannunka, da ranarsa ta ƙarshe a bakin aiki. Duk sauran lissafi a kansu ya rataya. A ce takardar ta iso ranar 13 ga Agusta, yarjejeniyar ɗaukarsa aiki kuma ta ce sai ya ba da sanarwar kwana 30. Idan aka fara ƙirga daga washegari, ranarsa ta ƙarshe ita ce 12 ga Satumba. Rubuta ranar a fili, kada ka ce "ƙarshen wa'adinka" ka bar kowa da nasa ƙirgen. Daga nan sai godiya, sai abin da zai miƙa da wanda zai karɓa, sai bayanin kuɗinsa. Shafi ɗaya ya isa; dogon jerin kayan miƙawa a haɗa shi daban a baya. Buɗewar na iya zama haka:

"Mun karɓi takardarka ta ajiye aiki ranar 13 ga Agusta, kuma mun amince. Ranarka ta ƙarshe a ofis ita ce Juma'a, 12 ga Satumba. Muna godiya da shekarun da ka yi tare da mu, musamman yadda ka tsara rufe lissafin kowane wata a kan lokaci."

A yi kwafi biyu, ya sa hannu da kwanan wata a ɗaya, a ajiye shi a fayil ɗinsa.

Godiyar fa, akwai abin da zan kiyaye?

Akwai, kuma ya fi shafar akanta a kan sauran ma'aikata. Yabi abin da ka gani da idonka, kamar ƙwazo da kiyaye lokaci ko wani aiki takamaimai da ya kammala. Amma kada ka rubuta cewa ya bar littattafai cif-cif ba matsala alhali ba a bincika ba. Idan odita ya zo bayan wata shida ya gano giɓi, wannan jimla taka ce za a fara ɗagawa a nuna maka. Takardar wanke mutum daban ce, tana zuwa ne bayan an gama miƙa aiki. Haka ma ƙorafi: in akwai tsohuwar tsama tsakaninku, wannan takarda ba wurinta ba ne.

Mene ne ainihin abin da akanta yake miƙawa?

A nan aka fi yin sakaci, domin yawanci ana tambayar makulli da kwamfuta, a manta da abin da ke cikin kan mutumin. Abu na farko, a tsayar da ranar yanke lissafi. A misalinmu 31 ga Agusta ce ta dace: ya rufe watan Agusta gaba ɗaya da hannunsa, ciniki da biyan da aka yi daga 1 zuwa 12 ga Satumba kuma ya shigar da su tare da wanda zai gaje shi. Idan ba a tsayar da wannan rana ba, duk kuskuren da ya fito daga baya sai a rasa na waye.

Sai daidaita littafin kuɗi da bayanin asusu na banki, kowane asusu da nasa. Adadin biyu ba su cika zuwa ɗaya ba, kuma wannan ba laifi ba ne muddin an san dalili: cekin da aka bayar ba a kai banki ba tukuna, kuɗin da aka zuba bai bayyana ba, ko cajin da banki ya cire ba a shigar ba. Abin da ake nema shi ne ya jera kowanne da adadinsa da ranarsa. In ka ga layi mai cewa "bambanci" kawai, ba bayani, ko tsohon abu da yake ta maimaituwa wata bayan wata, tsaya a kansa tun yana nan, domin bayan ya tafi ba mai warware maka shi cikin sauƙi.

Kuɗin ƙananan hidimomi da ke akwati a ƙirga su a gaban mutum biyu. Tsabar kuɗi da rasit ɗin da ba a mayar da kuɗinsu ba, in aka haɗa, dole su kai adadin da aka ware wa akwatin. A rubuta lambar ceki na ƙarshe da aka yanka. Ya kawo jerin masu bin kamfani bashi da waɗanda kamfani ke bi, har da alkawuran baki, irin su ɗan kasuwar da aka ce wa ya biya kashi-kashi. Ya kuma rubuta ranakun biyan haraji da fansho da ke tafe, saboda tarar jinkiri ba ta jiran sabon akanta ya saba da kujera.

Maganar banki a fara ta da wuri. Cire sunansa daga masu sa hannu yakan buƙaci takarda daga hukumar kamfani, kuma yana ɗaukar kwanaki. Sau da yawa lambar tabbatar da biya wayarsa take shiga. In ba a canja ba, ranar biyan albashi za ku ga kuna neman mutumin da ya riga ya tafi. Kada ya ba magajinsa kalmar sirrinsa. A buɗe wa sabon nasa, a rufe na tsohon a ranar ƙarshe, don a san wanda ya shigar da kowane abu.

Yaya ake lissafa kuɗinsa na ƙarshe?

Da farko, ba shi zai lissafa wa kansa ba, ko da shi ya saba yin na kowa. In ma shi ya shirya, wani ya duba ya sa hannu.

A ce albashinsa 330,000 ne a wata, Satumba kuma ya kama ranar Litinin, yana da ranakun aiki 22. Zuwa 12 ga wata ya yi kwana 10 na aiki. In aka raba da 22, kwana ɗaya 15,000 ne, ya ci 150,000. In aka raba da kwana 30 na wata, kwana ɗaya 11,000 ne, kwana 12 sun ba da 132,000. Bambancin 18,000 ne a kan aiki ɗaya, kuma daga nan rigima takan taso. A bi hanyar da yarjejeniya ko ƙa'idar kamfani ta tanada, a kuma faɗe ta a takardar.

Sai hutun da bai ci ba. In yana da kwana 24 a shekara, biyu ke nan kowane wata. Daga Janairu zuwa Agusta ya tara 16, ya ci 10, saura 6. A kan 15,000, sun zama 90,000. In aka haɗa da 150,000 na albashi, jimla 240,000. A kan wannan jimla ake fara lissafa haraji da sauran abin da doka ta ce a cire, sannan a zo kan bashi: ragowar rance 40,000, da kuɗin tafiya 25,000 da ya karɓa bai kawo rasit ba. In ya kawo rasit kafin ya tafi, 25,000 ɗin ta fita daga cikin abin cirewa. Takardar ta nuna waɗannan layi-layi, ta faɗi ranar biya da asusun da za a tura. Garatuti ko alawus na ƙarshen shekara, sai in yarjejeniya ko doka ta ba shi.

Zan iya riƙe kuɗin har sai ya gama miƙa aikin?

Yi hattara. A ƙasashe da dama doka ta taƙaita abin da za a cire ko a riƙe daga albashin da mutum ya riga ya yi wa aiki, don haka duba dokar ƙwadago ta inda kuke da abin da ya sa wa hannu kafin ka rubuta irin wannan sharaɗi. Abin da ya fi aiki shi ne ka sa ranar kammala miƙawa ta riga ranar tafiya da mako guda, a misalinmu 5 ga Satumba, don a samu kwanakin tambaya yana nan. In kuma shi ya nemi tafiya kafin wa'adi ya cika, takardar ta faɗa ƙarara ko an yafe masa sauran kwanakin ko za a cire kuɗinsu, da adadin da za a cire.