Kuɗin kwano daga buhu yake fitowa: tambayoyin 'yar mai awo ga mahaifiyarta

Umma, ta yaya zan gane an tsawwala mini kuɗin wake?

Daga buhu za ki faro, 'yar nan. A Dawanau, babban buhu yakan ci kwano 40. Mu ɗauka an saro shi naira 80,000, kin ga kowane kwano ya tashi a 2,000 ke nan. Sai ki ɗora kuɗin mota, da na ɗan dako, da la'adar dillali, a ce 4,000 duka, wato 100 a kan kowane kwano. Uwar kuɗi ta zama 2,100. Wanda ya ce miki 2,300 ko 2,400 ribarsa ya nema, shi ma da iyali. Amma mai cewa 3,000 fuskarki ya duba, ya ga baƙuwa. Waɗannan kuɗin misali ne, kasuwa kullum motsi take, shi ya sa kike ganin da safe sai na tambayi yadda buhu ya kwana kafin in buɗe rumfa.

To idan kuɗinsa daidai yake da na kowa fa?

Nan ne ake cin mutane. Karɓi kwanon ki kifa shi. Idan an buga gindinsa ya lotsa ciki, ko an rage masa baki, awon ya ragu alhali kuɗin na nan. Ki kuma sa ido a hannunsa: ya tsayar da tozo, ko ya share da yatsa yana janki da hira?

Sannan ki zura hannu can ƙasan kaya, don na sama na ado ne. Ciji ƙwaya ɗaya. Busasshen wake yakan fashe ƙaras, mai danshi kuwa sai ya lanƙwame a haƙori. Wannan idan ya bushe zai rage auki, in kin ajiye shi kuma ya yi fumfuna. Ƙananan huda da gari a tafin hannu alamar ƙwari ce. Tsakuwa da ƙaiƙayi ma a kuɗin wake kika saye su. In kin tsince kwano goma kika zubar da ɗaya, wake na 2,300 ya haura 2,500 ba ki sani ba.

Nawa zan fara tayawa?

Hatsi ba gwanjo ba ne da za ki raba kuɗi biyu, ribarsa siririya ce. Tambayi rumfa uku tukuna, sannan ki taya ƙasa kaɗan da mafi sauƙinsu. In ya ce albarka, yi masa godiya ki juya. Idan da sauran rara a kuɗin, kafin ki yi nisa zai kira ki ya sallama. In ya yi shiru, ƙara ɗan abu, ki nemi gyara.