Roƙon biya ta waya: amsoshi ga 'yan kasuwar Kumasi

"Malam, mene ne wannan roƙon biyan da ake ta faɗa?"

Ke mai kaya ce ke rubuta kuɗin, ba mai saye ba. Ki zaɓi lambarsa, ki sa adadin, ki tura. Saƙo zai faɗo a wayarsa da sunanki da kuɗin, in ya yarda ya sa lambar sirrinsa. A yawancin manhajoji sunan wurin `Request` ko `Request Money`.

"In na tura, kuɗin sun fita daga asusunsa ke nan?"

A'a. Na faɗa har bakina ya gaji. Roƙo sallama ce a ƙofar gida, sai mai gida ya amsa. Muddin bai sa lambar sirri ba, ko sisi bai motsa ba.

"Zai iya rage kuɗin ya biya rabi?"

A yadda aka saba, ko ya biya duka ko ya ƙi. In kun sake ciniki, ki soke na farko ki tura sabo.

"Na tura wa wani kwastomana na Tamale roƙon sidi 1,200. Ya ce ya biya, ni ban ga komai ba, ga mota za ta tashi. In sake turawa?"

Alhaji, kwantar da hankalinka, amma kada ka sake turawa tukuna. Nan ne mutanenmu na Kejetia da Alabar suke jawo wa kansu rigima: roƙo biyu suna jira, mutum ya amince da duka biyun, sidi 2,400 su fita, gobe a ce ka cuce shi.

Fara da naka asusun. Kada ka tsaya jiran saƙo, domin saƙo yakan makara alhali kuɗin sun riga sun shiga. Buɗe manhajar, ko ka danna `*170#` in MTN kake, ka duba abin da ya rage da shige da ficen ƙarshe. In sun shiga, ɗora kaya.

In ba su shiga ba, kira shi ka tambaye shi abu ɗaya: kuɗinsa sun ragu? Shi ma ya duba asusu, kada ya ce maka "ai na danna". Sau da yawa ba ƙarya yake ba. Saƙon ya faɗo yana cikin waya da wani, ya ɓace, shi kuwa yana zaton ya gama. A MTN irin wannan yakan zauna na ɗan lokaci a `My Wallet`, ƙarƙashin `My Approvals`, sai ya shiga ya amince daga can. In ya daɗe, roƙon ya mutu, a nan ne kawai za ka tura sabo.

Wani lokacin kuma lissafi ne. A ce atamfa turmi 3 ne a kan sidi 380, ya kama 1,140, ka ƙara 60 na mota, 1,200 cif. Shi kuma 1,200 ɗin ce kaɗai a asusunsa. In irin biyan da ake cirar caji a wajen mai biya ne, ba zai wuce ba sai ya ƙara wani abu a kai. Harajin tura kuɗi da aka sa a 2022 an soke shi a 2025, amma cajin kamfani daban ne, kuma ya danganta da ko asusunka na ɗan kasuwa ne ko na kowa da kowa. Haka in ya riga ya cika iyakar abin da asusunsa ke iya fitarwa a rana.

Mai wuyar ita ce ya ce kuɗinsa sun ragu, naka kuma shiru. Yakan faru, musamman in layinku ba ɗaya ba ne. Ya karanto maka lambar shaidar biyan, wadda ke gaban `Transaction ID`, ku kira kamfanin da ita. Na MTN 100 ne. Galibi ko su iso maka ko su koma masa, sai dai ba lallai kafin motar ta tashi ba. Ko ka saki kayan? In mutum ne da kuka shekara kuna hulɗa, kai ka san amanarsa. In a waya kawai ka san shi, ni dai ba zan ɗora ba, gobe ma akwai mota.

"Ya turo mini hoton saƙon biya, bai isa ba?"

Bai isa ba. Yaro ma yana iya gyara hoto. Saƙon da ya zo daga lambar mutum maimakon sunan kamfani, shi ma kada ki kula shi.

"Ni ma roƙo ya faɗo mini, wani ya kira ya ce in sa lambar sirri in karɓi kuɗi."

Hajiya, don Allah ki saurara da kyau. Ba a sa lambar sirri don karɓar kuɗi, sai don fitar da su. Wanda ya kira ki ɓarawo ne. Ki ƙi roƙon, ki kashe wayar, ki kuma gaya wa yarinyar da ke zama miki a shago, domin wayar takan wuni a hannunta.

"In na yi kuskuren lambar waya wajen tura roƙo fa?"

Ba ki yi asarar komai ba. Ki soke roƙon nan take in manhajar ta ba da dama, kada baƙo ya biya bisa kuskure.