Mayar da silaid ɗin gabatarwa zuwa rubutaccen bayanin neman tallafi

Mayar da silaid zuwa rubutaccen bayani aiki ne da masu neman kuɗin tallafi ke yi bayan sun gabatar da shirinsu da baki, a gaban kwamiti ko a taron farko da mai ba da tallafi, sannan aka ce su kawo cikakkiyar takardar nema. Silaid su ne shafukan da ake haskawa a majigi yayin jawabi, waɗanda akan shirya da manhajoji irin su PowerPoint ko Google Slides. Ɓangaren bayani na takardar nema kuwa shi ne inda ake rubuta matsala, manufa, hanyar aiki da yadda za a auna sakamako, a cikin cikakkun jimloli, dabam da fom da jadawalin kasafin kuɗi. Mutane da yawa suna ɗaukar aikin a matsayin kwafa da ƙara kalmomi, kuma daga nan kuskuren ke farawa.

Abin da silaid ba ya ɗauke da shi

Silaid rabin magana ne. Ɗaya rabin yana bakin mai jawabi. A kan shafi akwai gajerun layuka uku ko huɗu, kowanne da ɗigo a gabansa, amma kalmomin da ke ɗaure su, irin su "saboda", "don haka", "amma" da "sai dai idan", mai jawabi ne ke furta su yana tsaye. Idan wani bai gane ba, sai ya ɗaga hannu ya tambaya. Mai tantance takarda ba shi da wannan dama. Yana karantawa shi kaɗai, sau da yawa da tarin wasu takardun a gabansa, kuma duk abin da ba a rubuta ba, a wurinsa babu shi.

Wannan giɓi ba a harkar tallafi kaɗai aka lura da shi ba. Kwamitin da ya binciki hatsarin kumbon Columbia a 2003 ya soki yadda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta saba amfani da silaid a madadin cikakken rahoton fasaha, domin muhimmin gargaɗi kan iya ɓuya a ƙaramin layi a ƙasan shafi. Jerin ɗigo yana nuna cewa abubuwa suna da alaƙa, amma ba ya tilasta wa marubuci ya faɗi wace irin alaƙa ce. Jimla kuwa tana tilastawa. Shi ya sa ainihin aikin juyawar shi ne dawo da waɗannan kalmomin ɗauri, kuma a yayin dawo da su ne ake gano inda hujjar kanta ke da rami.

Tsarin mai ba da tallafi ne ke gaba

Jawabi ana tsara shi ne don riƙe hankalin mai sauraro, don haka yakan fara da labari ko hoto mai taɓa zuciya. Takardar nema kuwa tana bin kanun da mai ba da tallafi ya gindaya, domin da su ake ba da maki. Hukumar NIH mai tallafa wa binciken lafiya a Amurka, a tallafinta na bincike da ake kira R01, tana ba da shafi ɗaya ga Specific Aims, wato manufofin binciken, da shafi 12 ga Research Strategy, wato dabarun gudanar da shi. Hukumar NSF mai tallafa wa binciken kimiyya a Amurka tana ba da shafi 15 ga Project Description, wato bayanin aikin, tana kuma auna takarda da ma'auni biyu, Intellectual Merit, wato gudummawar aikin ga ilimi, da Broader Impacts, wato amfaninsa ga al'umma. Shirin Horizon Europe na Tarayyar Turai yana duba abu uku: ingancin tunanin, tasirinsa, da nagartar yadda za a aiwatar.

Saboda haka ba da silaid na ɗaya ake farawa ba. Ana buɗe sabuwar takarda ne, a rubuta kanun mai ba da tallafi yadda suke, da iyakar shafi ko adadin haruffan kowanne, sannan a ɗauki silaid ɗaya bayan ɗaya a tambaya a ƙarƙashin wane kai zai zauna. Wasu za su rabu biyu, wasu kuma, kamar shafin godiya, ba su da wuri. Abin da ya fi amfani shi ne kanun da suka rage babu komai a ƙarƙashinsu. Yawanci su ne haɗarin da aikin ka iya fuskanta, yadda zai ɗore bayan kuɗin sun ƙare, da hanyar auna sakamako, domin masu jawabi kan bar waɗannan sai lokacin tambayoyi. Dole a rubuta su daga tushe.

Fitar da rubutun daga manhaja abu ne mai sauƙi. A PowerPoint, Outline View yana nuna kanu da layukan dukkan shafukan a jere, abin da aka rubuta a Notes, wato wurin da mai jawabi ke ajiye bayanansa a ƙasan kowane silaid, kuma yakan fi abin da ke kan shafin amfani. Sai dai rubutun da aka sa cikin zane ko akwatin da aka ƙara da hannu ba ya fitowa a Outline View, don haka sai an duba shafukan da ido. Dabarar da ta fi duka ita ce mai jawabin ya sake yin jawabin a ɗauki muryarsa, a rubuta abin da ya faɗa. Rubutun zai zo da maimaici da yawa, amma kalmomin ɗaurin suna ciki.

Misali

A ce wata ƙungiya tana neman tallafi don ƙara yawan yaran da ke kammala allurar rigakafi, kuma silaid ɗinta na matsala yana ɗauke da layuka huɗu: "Yara ba sa kammala rigakafi", "Rajistar takarda", "Ƙarancin ma'aikata", "Mafita: tunatarwa ta waya". A ɗakin taro wannan ya wadatar, kowa ya gyaɗa kai.

Mai gaggawa zai rubuta: "Yara da yawa ba sa kammala rigakafi. Ana amfani da rajistar takarda. Akwai kuma ƙarancin ma'aikata. Shirinmu zai aika da tunatarwa ta waya." An cire ɗigon, an sa aya, amma har yanzu silaid ne. Mai tantancewa zai tambaya: rajistar takarda ce ke hana yara dawowa? Ta wace hanya? Kuma ta yaya saƙon waya zai magance ƙarancin ma'aikata?

Da zarar marubuci ya yi ƙoƙarin sa "saboda" tsakanin layi na ɗaya da na biyu, dole ya tsaya ya yi tunani. Abin da zai fito kusan haka ne: "Yara da yawa suna karɓar allurar farko amma ba a dawo da su don ta uku. Asibitocin ba sa gane hakan da wuri, saboda an jera rajistar ne bisa ranar zuwa, ba bisa sunan yaro ba, don haka gano wanda bai dawo ba sai an bi shafi-shafi. Ma'aikacin da ke duba layin marasa lafiya shi kaɗai ba shi da wannan lokaci. Shirinmu ba zai ƙara ma'aikata ba. Zai sa jerin yaran da lokacinsu ya yi ya riƙa fitowa da kansa kowane mako, a aika wa iyayensu saƙo, ta yadda aikin da ke cin yini zai koma na ɗan lokaci."

Abu biyu sun canza. Layuka huɗun sun zama sarƙa guda, kowace jimla tana jawo ta gaba. Sannan an faɗi iyakar shirin a fili, cewa ba zai ƙara ma'aikata ba, abin da silaid ɗin ya bari a duhu. Har yanzu akwai sauran aiki: "yara da yawa" yana buƙatar adadi, da shekarar da aka ƙirga, da inda aka samo shi. A majigi lamba kan tsaya ita kaɗai da manyan haruffa, amma a takarda kashi cikin ɗari ba ya da nauyi sai an ce kashi na mutum nawa ne.

Silaid ɗin hanyar aiki ma haka yake. A ce yana cewa "Horo: ma'aikata 40, asibiti 10, wata 18". Wannan layi bai faɗi wa zai yi horon ba, ko huɗu-huɗu za a ɗauko daga kowane asibiti, ko a tashi ɗaya za a yi, ko kuma wa zai riƙe asibitin a ranakun horo, alhali an riga an ce ma'aikata sun yi kaɗan. Sakin layin da zai maye gurbinsa dole ya ce, alal misali, za a yi horon a rukuni huɗu na mutum goma-goma, mutum ɗaya daga kowane asibiti a kowane zagaye, don kada a rufe ko'ina, kuma a gama cikin wata shida na farko domin a sami shekara guda ta auna sakamako. Daga nan sai a duba kasafin kuɗi. Idan an sa kuɗin zama biyu kawai, alhali bayani ya ce huɗu, mai tantancewa zai gani, kuma irin wannan saɓani kan sa ya fara shakkar sauran alƙaluman.

Hotuna da jadawali

Ba kowane zane ne ya cancanci shiga takarda ba, domin a ƙa'idar masu ba da tallafi da yawa zane ma yana cin wuri a cikin adadin shafukan da aka ƙayyade. Wanda ya kamata a bari shi ne wanda rubutu ba zai iya maye gurbinsa ba, kamar jadawalin lokutan aiki ko zanen sakamakon gwajin farko. Kowane zane sai an ba shi lamba da bayani a ƙasa, a kuma ambace shi a cikin rubutu tare da abin da ake so mai karatu ya gani. Zanen da aka gina shi da motsi, yana fitowa kashi-kashi a majigi, yakan cakuɗe idan aka manna shi a takarda, gara a sake zana shi. Wasu shafukan intanet na karɓar takardun nema ba sa karɓar hoto sam, akwatin rubutu ne kawai mai iyakar haruffa, don haka a nan sai an bayyana zanen da kalmomi.

Yadda ake gane juyawar ba ta yi ba

Alama ta farko ita ce jimlolin da za a iya sauya musu wuri ba tare da ma'ana ta canza ba. Idan sakin layi ya jure wannan, jeri ne, ba hujja ba. Ta biyu ita ce yawan "haka kuma" da "bugu da ƙari" inda ya kamata a ga "saboda" ko "don haka". Akwai kuma ragowar maganar baki, irin su "kamar yadda kuke gani", da gajerun sunaye da ba a fassara ba, da aikin da ba a faɗi mai yin sa ba, wanda yakan samo asali daga layukan silaid marasa aikatau. Sau da yawa ana samun bayanin matsala ya cinye rabin shafukan, domin shi ya fi daɗin faɗa a jawabi, hanyar aiki kuwa ta sami sakin layi biyu.

Gwajin da aka fi dogara da shi shi ne a ba wanda bai halarci jawabin ba ya karanta takardar, da ma'aunin makin mai ba da tallafi a hannunsa, ya yi alama a duk inda ya so yin tambaya. Wanda ya ji jawabin bai dace da wannan aiki ba, domin zai riƙa cike giɓin da abin da ya tuna ba tare da ya sani ba.