Sirrin majiyyaci a hannun mai fassara: abin da dokar Najeriya ta tanada

A ɗauka wani asibiti a Kano zai tura majiyyaciya birnin Alƙahira domin a yi mata aikin ƙoda, sai aka buƙaci a mayar da rahoton likita da sakamakon gwajin jininta zuwa Larabci. Da zarar asibitin ya miƙa wa mai fassara waɗannan takardu, dokoki biyu sun hau kan aikin. Ta farko ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda sashe na 26 nata ya mayar da duk bayanin rashin lafiyar mutum da maganin da aka yi masa sirri, ba a bayyana shi sai da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu, ko wani dalili da doka ta amince da shi. Ta biyu kuma ita ce Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta sanya bayanan lafiya cikin rukunin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman.

A idon dokar 2023, asibitin ne mai iko da bayanan, domin shi ke yanke abin da za a yi da su, shi kuwa mai fassara yana sarrafa su ne a madadinsa. Sashe na 29 ya wajabta a ƙulla rubutacciyar yarjejeniya tsakaninsu, don haka alkawarin fatar baki bai wadatar ba, komai amanar da ke tsakani. Yarjejeniya mai kyau takan fayyace wanda zai ga takardun, da inda za a ajiye su, da ranar da za a goge su ko a mayar.

A ganina, ɓarna ta fi aukuwa a lokacin da mai fassara yake neman taimako da zuciya ɗaya. Ya ci karo da sunan wata cuta da bai saba da shi ba, sai ya ɗauki hoton shafin da wayarsa ya tura wa abokin sana'arsa ta WhatsApp, ko ya kwafe sakin layin ya zuba a shafin fassara na kyauta. Na farkon ya shigo da sabon mai sarrafa bayanai, alhali doka ta ce dole ne a sanar da asibitin idan an sa wani a aikin. Na biyun ya fi muni, saboda rubutun kan tafi kwamfutocin wani kamfani a ƙasar waje, kuma dokar ta gindaya sharuɗɗa kafin bayanan mutum su ƙetare iyakar Najeriya. Hanyar da ta dace ita ce ya nemi ma'anar kalmar ita kaɗai, a ƙamus na likitanci ko wurin likitan da ya rubuta rahoton.

Goge suna ma ba ya isa a kowane lokaci. Idan an bar shekarun matar da unguwarsu da sana'ar mijinta da ranar da aka kwantar da ita, duk wanda ya san gidan zai gane ta. Saboda haka a cire lambar kati da adireshi da lambar waya tun kafin takardar ta bar asibiti, a sa wata lamba a madadinsu, sannan asibitin ya mayar da su bayan an kammala. Fayil ɗin kuma a kulle shi da kalmar sirri, a aika kalmar ta wata hanya dabam. Kada a kai shi shagon buga takardu, inda kwafi kan zauna a kwamfutar da kowa ke taɓawa.

Idan aka sace wayar da ke ɗauke da rahoton, ko aka aika shi ga wanda ba shi ne ba, sashe na 40 na dokar 2023 ya ce mai fassara ya sanar da asibitin ba tare da jinkiri ba. Asibitin yana da awa 72 daga lokacin da ya sani ya kai rahoto ga Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, matuƙar abin zai iya cutar da haƙƙin mai bayanan, kuma idan haɗarin babba ne a sanar da ita majiyyaciyar nan take. Tarar da hukumar za ta iya ci tana kaiwa naira miliyan 2 ga ƙananan masu sarrafa bayanai, miliyan 10 ga manya, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata idan ya fi haka yawa.

Ba takardun asibiti kaɗai ake ba mai fassara ba: idan fayil ɗin ma'aikacin wani kamfani ne, shi ma yana ƙarƙashin dokar 2023 ɗin, tun da albashi da takardar gargaɗi bayanan mutum ne. Takardun haɗewar kamfanoni kuwa yawancinsu sirrin kasuwanci ne, abin da ke tsare su shi ne yarjejeniyar riƙe sirri da aka sa wa hannu, tare da dokokin kasuwar hannun jari da suka haramta saye ko sayar da hannun jari bisa labarin da ba a riga an bayyana wa jama'a ba.